Wasiƙar da ta sa na gano agogon waya ɗaya ya cinye rajistar kwana tara

Ni ɗan ƙaramin kamfani gare ni nan Kaduna, mu uku ne, manhajar kiran suna muke wa makarantun kuɗi. Malami ya buɗe a wayarsa ya danna wane ya zo wane bai zo ba, ko babu sabis tana aiki, in sabis ya dawo sai ta tura saba, wato kwamfutarmu da ke ajiye bayanan duka. Da wannan "ko babu sabis" ɗin muke tallata ta, kuma ta nan ɗin aka kama ni.

Ranar wata Litinin mai kula da harkokin wata makaranta a Tudun Wada ya aiko min da wasiƙa, ba saƙon waya ba fa, takarda da hatimi a ambulan. Mutumin da kullum yake kirana yana Injiniya ya aiki, yau ga shi ya rubuta "Zuwa ga Manajan Darakta", ai tun nan na san ba lafiya. Wani uba ne ya zo yana tambaya ko ɗansa ya shigo makaranta ranar Alhamis, don an ce an gan shi wajen Kasuwar Bacci da yunifom, suka buɗe manhaja a gabansa suka tarar fayau. Da suka bi baya sai ga aji guda mai yara 43, cikin kwana 10 na karatu kwana 9 babu komai, layi 387 kenan. Malamar ajin ta rantse kullum tana kira kuma tana ganin koren maki. Ya ba ni zuwa Juma'a in dawo da bayanan kuma in faɗa a rubuce me ya faru, in ba haka ba su koma littafi.

Gaskiya farko malamar na zarga, haka muke mu masu wannan sana'a, mai amfani ne kullum da laifi. Amma wasiƙar ta hana ni, don mutumin bai tsaya kan "abinku baya aiki" ba, ya sa aji, ya sa ranaku ɗaya bayan ɗaya, har ya ce Larabar satin farko ita kaɗai ta tsira. Da matsalar sabis ce da ta taɓa sauran azuzuwa kuma da warwatse za a gan ta. Aji ɗaya, ranaku a jere, abin ya fara rana guda, to waya ɗaya ce wani abu ya canza a cikinta.

Da daddare na buɗe lok na saba, wato inda take rubuta duk saƙon da ya shigo mata. Saƙonnin malamar na 'yan kwanakin ƙarshe duk suna nan, sun iso. Sai dai kowanne saba ta karɓe shi wajen 8:10 na safe, shi kuwa a jikinsa an buga 8:10 na daren jiya. Awa 12 cif a baya. Washegari na je makarantar na ce Malama don Allah ara min wayarki, na shiga saitin na tarar `Automatic date & time` a kashe. Ashe ta kai an canza mata batir, mai gyaran ya saita agogo da hannu ya juya safe da dare, ita kuma tana ganin 8:10 a fuskar waya daidai da agogon bango, me zai sa ta duba? Ranar mako kuwa da hannu ake zaɓa a manhajar tamu, shi ya sa kwanan watan bai tona ba.

To amma agogon waya ya karkace ai ba dalilin ɓatan bayani ba ne, laifin namu ne. Kullum 5:00 na asuba saba takan shimfiɗa wa kowane aji rajistar ranar, sunaye babu maki. In maki ya zo daga waya, ga abin da na rubuta da hannuna:

```
if incoming.updated_at > saved.updated_at:
    save(incoming)
return 200
```

Ma'ana wanda lokacinsa ya fi sabo shi ke zama. Makin malama na ɗauke da 8:10 na daren jiya, fankon layin saba na ɗauke da 5:00 na asubar yau, sai saba ta ga nata ne sabo ta yar da na malama. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne layin ƙarshen nan, ko ta adana ko ta yar `200` take mayarwa, wato komai lafiya. Waya ta ga haka ta nuna koren maki, ta sauko da fankon saba ta shafe nata da shi. Malama kuwa ta riga ta rufe ta kama darasi, kuma shafin ofis ɗin da muka yi yara nawa ne basu zo ba kawai yake ƙirgawa, fanko baya ƙirguwa, sai ajin ya zama kamar kullum cike yake.

Larabar nan da ta tsira ita ta ƙarasa tabbatar min. A saba an buga ta 6:20 na safe, lokacin da ko maigadi bai buɗe ƙofa ba. Malama ta ce ranar wayarta babu caji, a takarda ta kira, sai gab da magariba ta shigar a gida. 6:20 na yamma a cire awa 12 ya zama 6:20 na safe, ya wuce biyar ɗin asuba, sai ya shige.

Wajen dawo da bayani ne na ji kunya. Lok ɗinmu kwana 7 yake ajiyewa saboda ina tsumulmular kuɗin saba, don haka Talata zuwa Juma'ar sati na biyu kawai na samu, layi 172, ciki har da Alhamis ɗin da uban nan ke nema. Sauran 215 sun tafi, bakof, wato kwafin ajiya na rumbun bayananmu, shi ma bai taimaka ba tunda abin bai taɓa shiga rumbun ba balle a kwafe shi. Daga littafin aikin aji da na gwaji malama ta harhaɗa abin da ta iya, don ƙarshen zango dole a rubuta wa kowane yaro sau nawa ya halarta a sakamakonsa.

A amsar da na rubuta ban sa sunan malama a laifi ba, na ce kuskuren tsarinmu ne, na sa adadin da ya dawo da wanda bai dawo ba, na yafe kuɗin zangon. Abokin aikina ya ce na cika tona kai, na ce ai mutumin nan ya ƙirga 387 da kansa, me zan ɓoye masa.

Yanzu fanko baya shafe maki ko da wane lokaci ya zo, duk abin da waya ta turo sai an adana shi da agogon saba a gefe, in an yi gyara sabon layi ake ƙarawa tsohon yana nan. Waya bata nuna kore sai saba ta lissafo mata layukan da ta adana sun cika, in kuma agogonta ya saɓa da na saba da fiye da minti 5 sai ta yi gargaɗi. Lok ya koma kwana 90. Inda har yau ba mu da dabara shi ne wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace kafin ta samu sabis, abin da ke cikinta ya tafi kenan. Shi ya sa 10:00 na safe mai kula ke samun tes na azuzuwan da makinsu bai iso ba, ya aika yaro a tambayi malamin tun yana tuna waye ya zo. Shi dai ya ce min Injiniya za mu ci gaba, amma littafi ma zai dawo aji har ƙarshen shekara, na ce Malam ni ma da ni ne haka zan yi.