Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har teburin gyaran waya ya tsayu

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka yi addu'a aka buɗe teburin a zauren gidanmu na Tudun Wada, yau kuwa na tashi jikina duk a mace, amma zuciyata fes. Ba sai na maimaita muku abin da ya faru tun daga rasuwar Baba ba, da yadda kuɗin makarantar koyon sana'a ya gagara, da zirga-zirgar unguwar PZ ta nan Zariya cikin rana da ƙura. Kun gani, wasunku ma da ku aka yi. Godiya kawai na zo yi, kuma na san ba zan iya ambaton kowa ba, wanda na tsallake ya yafe mini.

Zan fara da Malam, maigidana na PZ, duk da ya ce idan na kuskura na ambace shi a bainar jama'a ba ni ba shi. Malam, ka yi haƙuri, sunanka na ɓoye amma alherinka ba zai ɓoyu ba. Ranar da Yaya ya kai ni shagonsa na zaci zai yanka mini kuɗin koyo. Sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da matattun wayoyi, Tecno da Itel da Infinix waɗanda injinsu ya ƙone masu su suka bar su, ya ce: “Ki tafi da su gida. Ki kwance, ki ɗaura, ki sake kwancewa. Ranar da kika ɗaura waya ba sukuru ko ɗaya da ya yi saura a kan tebur, ki dawo mu yi magana.” Shi ne kuma ya hana ni sayen kayan da ban kai gare su ba. Na so in ci bashi in sayi injin hura iska mai zafi da na raba gilashi, ya ce waɗannan sai na kai ga aikin inji. Abin da na saya bai wuce ƙananan sukudireba ba, da hantsaki, da mita, da gam B-7000, da kwalbar sifirit irin na masu gyara. Tsohon katin banki shi ne abin ɓamɓare murfi. Handiraya kuwa Anti mai gyaran gashi ce take ara mini idan an kawo wuta. Allah ya saka mata da alheri, ya albarkaci ƴaƴanta.

A kan matattun wayoyin nan hannuna ya faɗa. A nan na ga cewa sukurorin waya ba tsawonsu ɗaya ba, kuma idan dogo ya shiga ramin gajere yana iya huda inji ko ya taɓo sikirin ta baya. Shi ya sa har yau nake zana siffar wayar a takarda, in ajiye kowane sukuru a daidai gurbinsa na zanen. Ƙanwata tana yi mini dariya wai na koma firamare.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren wayar Inna.

Inna maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya, kuma ita ce ta fara miƙo mini waya mai rai tun ban ce na fara karɓar aiki ba. Infinix ce ta marigayi ɗanta, muryarsa da hotunansa duk suna ciki, ta ƙi yarda a kai ta kasuwa don kada wani ya yi ta leƙe-leƙe. Ta ce gilashin ne ya lalace, wani farin tabo ya fito a tsakiya, kuma wayar tana danna kanta. Da na ɗora ta a kan tebur sai na ga ba ta kwanta daidai ba, tana lilo, murfin baya ya ɗago a gefe har farce yana shiga. Batir ne ya kumbura yake tura komai waje. Na tambaye ta, ta ce ai kullum a caji take kwana, ƙarƙashin filo, don kada ta mutu muryar yaron ta tafi. Na kashe wayar nan take, na ce kada a sake jona ta, na kira Malam. Ya ce in jira shi. Bayan isha'i sai ga shi a kan babur tun daga Sabon Gari, Yaya ya shigo da shi zaure.

Bai karɓi aikin ba. Ya ja kujera ya zauna a gefe ya ce: “Naki ne. Amma kafin ki taɓa, a kawo yashi.” Aka ciko tsohuwar tasa ta ƙarfe da yashi aka ajiye kusa da ƙafata. Na miƙa hannu zan ɗauki handiraya kamar yadda ake yi don gam ɗin murfi ya saki, ya girgiza kai: batir mai kumburi ba a kusanto masa da zafi, iskar da ta taru a cikinsa tana kama wuta. Na cire mazaunin sim, na bi gefen murfin da kati a hankali. A irin waɗannan wayoyi na'urar karanta yatsa tana baya, da wata siririyar igiya da ta haɗa ta da inji, wanda ya fizgi murfi da ƙarfi ya tsinka ta. Na kwance sukurori, na ɗaga robar da ta rufe inji, na fara cire kan batir daga mazauninsa kafin komai, da farce, ba da ƙarfe ba.

Batirin yana manne da gam a jikin wayar. Na ɗiga sifirit a gefunansa, muka jira ya ratsa, na fara tura kati ƙarƙashinsa a kwance, ba tare da lanƙwasa shi ba. A nan ne wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancina, irin na abin goge jan farce, na kuma ji bayan batirin ya yi ɗumi. Wallahi ƙafafuna suka ɗauki rawa. Ba wutar kaɗai nake tsoro ba, fuskar Inna nake gani idan aka ce mata muryar ɗanta ta ƙone a hannuna. Malam bai ɗaga murya ba, ya ce: “Ɗauke hannunki. Ɗora ta a kan yashin, mu fita tsakar gida.” Muka ajiye tasar nesa da tabarma da igiyar shanya, muka tsaya daga nesa. Ya ce wannan ƙamshin alama ce ruwan cikin batir yana fita, ledarsa ta riga ta buɗe a wani wuri saboda kumburin, kuma da an sa sukudireba an banƙare shi, da tuni hayaƙi ya turnuƙe zauren. Mama tana bakin ƙofar ɗaki tana ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Muka jira har ya huce sarai, sannan ya ce in ƙara sifirit in ƙarasa. Batirin ya fito. Muka binne shi a cikin yashin ya kwana a waje. Da Malam zai tafi Yaya ya miƙa masa kuɗin mai, ya ce ko sisi. Ya Allah, ka buɗa wa bawan nan naka, ka jiƙan mahaifansa, ka tsare masa idanunsa da hannayensa, ka sa ƴaƴansa su sami mai tsaya musu kamar yadda ya tsaya mini.

Washegari na tafi sayen kaya, kuma a nan nake gode wa yaron shagon kayan gyara da bai cuce ni ba. Na ce masa Hot 10 nake nema, ya ce wace? Hot 10 ɗin ai kashi-kashi ce: akwai X682, akwai Play mai X688, akwai Lite mai X657, kuma sikirin ɗin wannan ba ya hawa waccan. Ta Inna X688 ce, lambar tana cikin Settings a About phone, tana kuma jikin kwalin wayar. Ya bar ni na auna sabon batirin da mita a gabansa, ya nuna volt 3.8, wato lafiyayye ne. Da ya yi ƙasa da 3, ya daɗe a ajiye a shago ke nan, ba zan ɗauka ba.

Da sabon batir ya shiga, farin tabon ya ragu amma bai ɓace ba, gefe ɗaya kuma ba ya jin taɓi, dole sai an canja sikirin. Yanzu da babu batir mai haɗari a ciki, zafi ya halatta: na cire sabon na ajiye gefe, na bi gefunan tsohon gilashin da handiraya har ya yi zafin da hannu zai iya riƙewa, na ɗaga shi, na kankare tsohon gam tas. Sabon sikirin ɗin ban cire ledarsa ba, ban sa masa gam ba. Na jona igiyarsa, na mai da batir, na kunna, na ja alama ɗaya da yatsa na zagaya da ita kowane lungu don in ga ko za ta kufce a wani wuri. Masu sayarwa ba sa karɓar sikirin da aka cire wa leda ko gam ya taɓa, don haka gwajin nan shi ne duk kariyar jarina. Sai da komai ya yi daidai na zizara gam siriri a gefe, na kauce wa sama inda lasifikar kunne da idon da ke kashe haske lokacin kira suke, don idan gam ya rufe shi sai waya ta yi duhu ana cikin magana ta ƙi dawowa. Na ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi ta kwana.

Da safe na kai wa Inna. Ta ce: “Ƴata, kunna mini shi.” Ba zan faɗi sauran ba. Ita ce dai ta bi gida-gida a layinmu tana ba da labari, ita ce kuma ta dafa shinkafar da kuka ci jiya. Inna, Allah ya jiƙan Yayanmu, ya kai haske kabarinsa, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Mama, Allah ya biya ki da Aljanna, ke kika sayar da akuyarki aka sayi mita. Yaya, Allah ya ƙara buɗi, man babur ɗinka da na sha ba ya lissafuwa. Baba mai shayi na bakin layi da ya ba ni aron benci, da matan Islamiyyarmu da suka tattaro mini fasassun wayoyinsu na cikin durowa, Allah ya raba ku da baƙin ciki duniya da lahira. Ƴan uwa na Samaru da Kongo da aka aika wa tun mako guda, mun san hidima ta yi yawa, Allah ya huwace. Kujerunku dai mun ajiye har magariba.

Ga maƙwabta: sikirin da batir kaɗai nake yi a yanzu. Wayar da ta faɗa ruwa, ko ba ta kawo wuta sam, ko ramin cajinta ya lalace, zan faɗa muku gaskiya in tura ku wajen Malam. Mata, kuna iya zama a gabana har in gama, kuma ba na buƙatar lambar sirrinku, ke za ki buɗe da hannunki mu gwada tare. Wadda ta ga murfin wayarta ya ɗago, ta kashe ta, kada ta sa a caji, kada ta danne shi da hannu wai ya koma, ta kawo a haka. Ina zaure daga ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar, ban da Juma'a.

Sannan wanda ya ɗauki ƙaramin sukudireba mai jan kai a wajen walima jiya, don Allah ya aiko yaro da shi, shi kaɗai gare ni.