Ranar da na yi wa masu kiɗan ƙwarya godiya a sunan 'yar ƙanena

Sau biyu na taɓa yi wa makaɗa godiya a gidanmu, kuma na farkon bai yi kyau ba. A Tudun Wada ne, ranar sunan ɗan farin ƙanena. An yi raɗin suna da sassafe, an raba goro da dabino, an yanka rago, wanzami ya yi aski, da la'asar kuma mata suka cika gida aka zauna yinin suna. Sai da aka kira magariba, mutane sun fara neman takalmansu, sannan aka miƙo mini makirfo. Na gode wa dangi da maƙwabta, a ƙarshe na ce, "Muna kuma godiya ga makaɗa da maroƙa baki ɗaya, Allah Ya ba da lada." Zabiyar, wato mai ba da waƙa, tana naɗe tabarmarta. Ta ce "amin" ba tare da ta ɗago kai ba, yaranta suka juye ruwan da ke cikin baho, suka fita.

Da dare Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "'Yar nan, matar da ta yi awa uku tana kiran sunan ubanki da na kakanki, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ke kin kasa kiran nata sau ɗaya?" Wannan tambayar ta zauna mini a rai. Sana'ar waɗannan mutanen gaba ɗaya ita ce sanin sunan mutum da asalinsa da kirarin gidansu, su faɗa a inda ya dace. Duk wanda ya tashi gode musu ya shiga fagensu ne, kuma da ma'aunin da suke auna aikinsu za su auna maganarsa.

Bayan shekara huɗu aka haifa wa ƙanen nawa 'ya mace, lokacin sun koma Badarawa. Aka sa mata sunan mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, don haka mu 'ya'yanta ba ma iya kiran sunan, sai dai mu ce Ummi. Aka sake gayyato wannan zabiya da ƙungiyarta, ni kuma da kaina na ce a bar mini godiyar.

Abin da na fara yi shi ne zuwa wurinsu tun kafin su kife ƙwarya. Sun iso wajen ƙarfe 3, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin katanga inda inuwa take. Na kai musu ruwa da abinci, na durƙusa na gaida zabiyar, na ce, "Hajiya, ina so in san mutanenki da sunan da kowa yake so a kira shi da shi." Su bakwai ne: ita, da mata uku masu kiɗan ƙwarya waɗanda su ne kuma 'yan amshi, da mai kalangu, da sanƙira mai shelar sunaye da kyaututtuka, da wani yaro mai ɗaukar kaya. Na rubuta a bayan katin gayyata a jeren da ta faɗa mini, ban sauya ba. Jeren nan ba a banza yake ba. Zabiya ce uwar ƙungiya, daga ita sai wadda ta fi daɗewa a hannunta, kuma idan baƙo ya sa ƙarama gaba da babba, ya bar musu ƙananan maganganu a hanyar komawa gida. Na kuma tambaye ta kalmar da ba ta so. Ta ce ita mawaƙiya ce, 'yar gado, kada a haɗa ta da masu bin gidan biki ba gayyata. A nan na gane cewa kalmar "maroƙa" da na yi amfani da ita a Tudun Wada ta fi rashin kiran suna yi mata zafi. Akwai waɗanda ba sa ƙin a kira su maroƙa, domin sunan sana'ar ne tun asali, amma ba mai gida ne zai zaɓa wa mutum ba. Tambaya ake yi.

Daga nan sai na zauna ina saurare, domin godiyar da ba ta ambaci abin da mutum ya yi ba, kowa ma ana iya yi masa ita. Abu uku na riƙe. Na ɗaya, zabiyar ba ta kira sunan yankan jaririyar ba ko sau ɗaya, sai "Ummi mai sunan manya", saboda ta san muna jin nauyin sunan. Na biyu, da ta zo kan dangin mai jego, waɗanda suka taso daga Zariya, ta ba su rabonsu daidai da namu, ba ta bar su kamar 'yan kallo ba. Na uku ya shafi babbar mai kiɗan. A kiɗan ƙwarya akwai wadda ake kifewa a kan ruwa cikin baho a riƙa bugunta da 'yan sanduna, ita ce mai ba da babbar murya mai zurfi. Can tsakiyar rawa iskar da ke ƙarƙashin ƙwaryar ta tsere, ta fara nutsewa, sautin ya mutu. Matar ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta sake kifewa, ɗaya hannun bai bar kiɗa ba, masu rawa ma ba su lura ba. Ni na gani, na kuma ajiye.

Lokacin magana shi ma na gyara shi. Na roƙi sanƙira ya ba ni fili da misalin biyar da rabi, kafin zagayen waƙa na ƙarshe. Dalili a fili yake: da an kira magariba kiɗa ya tsaya, mata sun watse, godiyar da aka yi wa mawaƙi a gaban kujeru kuwa ba ta ƙara masa komai. A gaban jama'a yake yabon mutane, a gaban jama'a ya kamata a mayar masa. Kuma idan waƙa ta biyo bayan godiya, waɗanda maganar ta motsa suna da damar tashi su yi liƙi.

Ga kusan abin da na faɗa, bayan sallama da salati:

"Iyayena da 'yan uwana, an yini ana kiran sunayenmu, yanzu ku ba ni aron kunne in kira na masu kiran. Hajiya, uwar ƙungiya," na ambaci sunanta da garin da aka haife ta, "yau kin tuna mana da mahaifiyarmu ba tare da kin sa mun sunkuyar da kai ba. Kin san sunan da ba ma iya faɗa, kin kewaye shi kamar 'yar gida. Kin karrama surukanmu na Zariya, kin sa sun ji gidan nan nasu ne. Allah Ya ƙara murya, Ya ƙara lafiya, Ya rufa asiri."

Ina rufe baki mai kalangu ya matse tsirkiya ya amsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ban yi tsammanin haka ba, sai na ci gaba da magana a kan kiɗan, jimla guda ta ɓace ba wanda ya ji. Sanƙira ya ɗago mini hannu alamar in dakata. Tun daga nan, duk sunan da na kira sai in yi shiru in ja numfashi biyu, kalangu ya faɗi nasa, sannan in wuce. Kalangu magana yake yi, mai shi yana matse igiyoyin da hammatarsa yana sakinsu, sautin yana hawa da sauka kamar harshenmu, kuma abin da yake bugawa a wannan gaɓar amsar godiyar ce. Yin magana a kansa kamar katse babba ne yana cikin amsa gaisuwa.

Na bi 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan babbar mai kiɗan na ce, "Na ga lokacin da ƙwarya ta so ta nutse, na ga hannun da ya tare ta." Ta rufe fuska da gyale tana dariya, abokan aikinta suna taɓa ta. A duk maganar da na yi, wannan ce aka fi maimaita mini daga baya. Na gode wa mai kalangu, na gode wa sanƙira da ya riƙe sunayen baƙi bai haɗa matar wani da mijin wata ba, na rufe da yaron da ya ɗebo ruwa ya kuma ja wayar lasifika, wanda na tabbata ba a taɓa kiran sunansa a makirfo ba. Duka bai kai minti huɗu ba. Na so in ƙara tarihin yadda mahaifiyarmu take son amada, wato irin wannan waƙa ta kiɗan ƙwarya, amma na bar shi, don filin nasu ne, kuma labarin zai juya hankalin mutane ya koma kanmu.

Batun kuɗi ban saka shi a cikin jawabin ba, kuma da gangan ne. An riga an biya kuɗin da aka yi ciniki tun kafin su fara, a ɗaki, ta hannun Gwaggo. Kyautar da muka tanada daban, wato turmin atamfa ga zabiya da ambulan ga ƙungiya da kason naman suna, sanƙira na miƙa wa bayan na ajiye makirfo. Shelar kyauta aikinsa ne, shi ya san yadda zai faɗe ta ta yi armashi. Idan mai bayarwa ya faɗi adadi da bakinsa, godiya ta koma gori, kuma ya ɗaure baƙin da ke niyyar ba da ƙasa da haka. Ambulan ɗin ma guda ɗaya na yi, na bar wa uwar ƙungiya rabo, domin suna da tsarinsu na kasafi wanda ban san cikinsa kamar ita ba.

Duk da wannan shiri na yi mantuwa guda. Tsohuwar da ta yini tana guɗa maƙwabciya ce, ba 'yar ƙungiya ba, don haka ba ta cikin takardata. Sai da zabiya ta ɗauki waƙar ƙarshe, ta sako sunanta a ciki, sannan na tuna. Ta rufa mini asiri ne ba tare da ta kalle ni ba. Ban koma na karɓi makirfo ba, don gyara a bainar jama'a yana ƙara nuna wanda aka manta. Washegari da hantsi na ɗauki ƙwaryar goro da kason nama na shiga gidan tsohuwar, na durƙusa na ce, "Inna, jiya bakina ya tsallake ki, ki yafe mini." Ta ce ai ta ji sunanta a waƙa, ta sa wa Ummi albarka, ta kuma ce idan an tashi yaye a aiko mata.