"Na samu mai araha": amsar da nake bayarwa a shagon walda

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sana'ar walda a Kano, get da ƙofofi da tagogi su ne abincina. A duk tsawon wannan lokacin babu maganar da kunnena ya sha kamar wannan: "Malam, wani ya ce zai yi mini a ƙasa da haka." Da ina yaro a sana'ar, in na ji ta sai gabana ya faɗi, in fara lissafin abin da zan zubar kafin mutum ya juya ya tafi. Yanzu kuwa in na ji ta, benci nake jawo wa mai ita in ce ya zauna, don a nan cinikin yake farawa.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, shi ya fara cire mini wannan tsoron, kuma da faɗa ya cire shi. Wata rana ba ya nan, wani ya zo tambayar ƙofar shago. Na faɗa masa kuɗin da aka saba, ya ce ya ga mai sauƙi a gaba, nan take na zaftare masa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mutumin ya dube ni, ya ce zai dawo, bai kuwa dawo ba. Da maigida ya ji labari sai ya ce mini: "Kai yaro, ka san abin da ka faɗa masa? Ka faɗa masa kuɗin farko ƙarya ne. Wanda ya kama ka da ƙarya a kan kuɗi, don me zai yarda da kai a kan kaurin ƙarfe?" Ban sake mantawa ba. Ragin gaggawa ba ya riƙe mai saye, sai dai ya sa ya fara tunanin saura nawa kuma ka ɓoye.

Bari in ba da misali da wani aiki da na yi kwanan baya. Wani Alhaji da ke gini a wajen Rijiyar Zaki ya zo yana son get mai ƙyaure biyu, faɗi ƙafa 12, tsayi ƙafa 8, da ƙaramar ƙofa a jiki, da ado a sama. Na je na auna, na yi lissafi, na ce masa naira 650,000. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce, "Malam, ka tsawwala. Akwai wanda ya ce 480,000, kuma irin hoton da na nuna maka shi na nuna masa."

Ban ce masa wancan macuci ne ba. Ban san mutumin ba, kuma ko na san shi, kushe abokin sana'a a gaban mai saye ba ya ƙara maka daraja, mai sayen zai ɗauka hassada ce kawai. Abin da na ce shi ne: "Ranka ya daɗe, yana iya yiwuwa ya fi ni sauƙi. Amma hoto ɗaya ba aiki ɗaya ba ne. Ya faɗa maka kaurin ƙarfen da zai sa?" Alhaji ya ce ya dai ce masa mai kauri ne. Na ce to, "mai kauri" ba awo ba ne, a tambaye shi milimita nawa.

A nan duk sirrin get yake, kuma yawancin masu gini ba su san shi ba. Fallen ƙarfen da muke rufe fuskar get da shi yana zuwa ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsayi. Mai kaurin milimita 1.5 nauyinsa kusan kilo 35 ne, mai milimita 0.9 kuwa kusan kilo 21. Get ɗin Alhaji falle uku zai ci. Ka ga a fuska kaɗai akwai bambancin kilo 42 na ƙarfe tsakanin wannan da wancan, ba a ma zo kan bututun da ake ɗaure firam da shi ba, wanda shi ma kauri-kauri ne. Kuɗin ƙarfe kuwa nauyinsa yake bi. In an shafe su da fenti an jingine, wallahi daga nesa ba za ka bambance su ba, wani lokacin ma mara kaurin ya fi ƙyalli.

Shi ya sa nake ajiye guntaye a ƙarƙashin teburin aiki, kowanne na rubuta kaurinsa da alli. Na ɗauko biyu na miƙa wa Alhaji, na ce ya lanƙwasa. Ɗaya ya bi hannunsa kamar murfin gwangwani, ɗayan ya ƙi. Na ce ya ƙwanƙwasa su da makullin motarsa ya ji amon. Gani ya kori ji. Duk surutun da zan yi na minti talatin bai kai wannan guntun ƙarfen da ya lanƙwashe a hannunsa ba.

Sannan na yi masa bayanin abin da siririn falle yake jawowa, don ba ƙarfi kaɗai ba ne matsalarsa. Ba ya jure zafin walda. In ka ja masa wuta sosai sai ya huje ko ya kumbura ya yi tudu da kwari. Don haka mai aiki da shi ɗigo-ɗigo yake yi, nan da can, sai ya cike tsakani da foti ya goge ya fesa fenti. Ranar da aka kafa, santsi kamar fuskar madubi. Damina ɗaya, ruwa ya shiga ƙarƙashin fotin, sai ka ga fenti yana tashi yana ɓarewa, tsatsa ta fara ci daga gindin ƙyaure inda ruwa yake kwanciya. In kana son gane inda aka cika foti, ɗora ɗan maganaɗisu a wurin, za ka ji ba ya kamawa da ƙarfi kamar sauran jikin. Ni kuwa kowace gaɓa ta firam sai na zagaye ta da walda, na goge da giranda, na shafa jan fentin nan na hana tsatsa har cikin lunguna, na bar shi ya bushe kafin fentin sama ya hau. Wannan kaɗai kwana guda yake ci, kuma shi ne abin da masu araha suka fi tsallakewa, don ba mai ganinsa. Haka hinji: ƙyaure mai faɗin ƙafa 6 nauyinsa duk a kansu yake rataye, ni uku nake sa wa kowane ƙyaure, manya. In aka sa ƙanana guda biyu, bayan 'yan watanni get ya sunkuya, yana jan ƙasa, sakata ta daina shiga raminta sai an ɗaga da ƙafa.

Kada in ɗora wa masu walda laifin duka. Wasu su ma cutarsu ake yi. Ni kaina an taɓa sayar mini da falle a kan 1.5 ne, da na zo shago na auna sai na ga bai kai ba, mai kayan kuma ya rantse haka aka kawo masa. Tun daga ranar ba na shiga Ƙofar Ruwa sayen ƙarfe sai da ma'aunin kauri a aljihuna, kuma a gaban mai kaya nake aunawa, ya ji haushi ko kada ya ji.

To, mu koma kan Alhaji. Da ya gama juya guntayen sai ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiya ginin nan ya cinye ni." Wannan maganar nake jira. Masu cewa sun samu araha ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda da gaske an ba shi wancan kuɗin. Akwai wanda babu kowa, salon ciniki ne kawai, ana gane shi da cewa in ka tambayi kauri ko ranar da za a gama masa sai ya kama kame-kame. Shi wannan "albarka" da murmushi sun ishe shi, ya taya ka ƙi, a yi raha a daidaita. Akwai kuma wanda aikinka yake so, kuɗinsa ne bai kai ba, yana jin nauyin faɗa. Alhaji yana da farashin wani a hannu da gaske, amma ciwonsa na ukun ne.

Ga ƙa'idata: kuɗi ba ya sauka shi kaɗai. In zai sauka, wani abu zai fita daga cikin aikin, kuma mai aikin ne zai zaɓa da bakinsa. Na ɗauko takarda na ce, "Ranka ya daɗe, adon nan na sama, da ƙarfensa da lanƙwasa shi da kwana biyun da yara za su yi a kai, 55,000 ne. Ba ya tare ɓarawo, ba ya riƙe get. In ka cire shi yanzu, zan bar maka wurin da za a ɗora shi duk ranar da ka shirya. Na ga kuma kana da motar da take kai maka siminti, in ita za ta ɗauki get ɗin, 15,000 na dako ya fita." Kuɗi ya dawo 580,000. Ya ce to a rage kaurin mana kaɗan a ƙara sauka. Na ce wannan kam a'a. Kauri da hinji da jan fenti ba na taɓa su a get ɗin waje, don shekara biyar nan gaba in ya ruɓe ba wanda zai ce Alhaji ne ya nemi ragi, cewa za a yi aikin wane ne.

Har yanzu akwai 100,000 tsakanina da wancan, ban kuma yi ƙoƙarin cike ta ba. Na rubuta masa a takardar: falle milimita 1.5, kaurin bututu, hinji shida, jan fenti kafin fenti, kwana goma. Na ce ya kai wa mutumin, in ya yarda zai yi wannan ɗin a 480,000 kuma zai bari a auna ƙarfen kafin ya yanka, to ya ba shi aikin da zuciya ɗaya, ya fi ni sauƙi. Kuma da gaske nake. Yana faruwa wani ya sayi ƙarfe da yawa kafin kaya su tashi, ko ba ya biyan hayar shago, ko wutar unguwarsu ta fi tamu zama ba ya ƙona mai a janareto kamar ni. Irin wannan in ya karya ni ba ha'inci ya yi ba, na sha rasa aiki a haka, kuma ban bi mai saye da kiran waya ina roƙo ba.

Alhaji ya ninke takardar ya sa a aljihu ya tafi. Kwana huɗu ban ji shi ba. A rana ta biyar ya aiko yaronsa da kafin alƙalami, da saƙon cewa wancan ya duba takardar ya ce in dai wannan ne to sai 600,000. Get ya zama nawa. Ƙofofin bayan gida da na sito kuwa wancan ya ba wa, da ya tambaye ni na ce ba laifi, ƙofar da ruwa ba ya dukanta kuma ba ita ke tsare gida ba, milimita 1 ya ishe ta. Adon saman har yau bai aiko a ɗora ba, ƙarafunan da na bari don shi suna nan a tsaye, na bi ta layin makon jiya na gan su.