Tsani a bangon gidanmu

Asabar da dare, Tahoua

Tun bayan sallar asuba Baba ya ce a hau a gyara indararo, domin iskar jiya ta kawo ƙamshin ruwa kuma bana ba mu taɓa soron ba. Ƙanena ya aro tsanin katako wurin maƙwabta, mai tsawon mita 4. Ya jingina shi da bango, ya ja ƙafarsa baya kamar mita 2, ya ce hakan ya fi daɗin hawa. Na ce masa ya matso da shi. Ya shafa yaɓen bangon da tafin hannu, ya ce, "Yaya, ji kaushin nan, ai ya kama kan tsanin, ba inda za shi."

Matakala ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Yana ɗan wuce tsakiya na ji ƙiiii a kan daɓen siminti, ƙafar tsanin ta zame baya, kansa ya gangaro yana kankare yaɓe. Allah ya taƙaita, gwiwar hannu kawai ya kurje. Amma jikina ya daɗe yana rawa, don fizik nake koyarwa a lise, lissafin nan shekara da shekaru ina rubuta shi a allo, yau kuma ina tsaye ya faru da ɗan'uwana.

Bayan azahar na ɗauko takarda da ma'aunin kusurwa na zauna a zaure. Abu biyar ke aiki a kan tsanin da ke jingine. Nauyinsa W yana jan sa ƙasa daga tsakiya. Daɓe yana tura ƙafarsa sama da N1, bango yana tura kansa waje da N2. Sauran biyun guga ne, na daɓe mai hana ƙafar zamewa baya, da na bango mai hana kan zamewa ƙasa. Guga yana da iyaka. Ba ya wuce turin wurin sau wata lamba μ, wadda ke nuna kaushin wurin. A daidai lokacin da tsani zai zame, duka biyun sun kai iyakarsu, μ1N1 a ƙasa, μ2N2 a bango.

Tsanin ba ya tafiya gefe, saboda haka turin bango daidai yake da gugan daɓe. Ba ya nutsewa, saboda haka turin daɓe da gugan bango tare suka ɗauki nauyin. Saura juyi. Na ɗauki ƙafar tsanin a matsayin wurin da yake juyawa, domin duk ƙarfin da ke aiki a nan ba shi da hannun juyi, wato ba tazara tsakaninsa da wurin juyawar, ya fita daga lissafi. Nauyi yana son kwantar da tsanin, hannunsa shi ne rabin tsawon tsanin, L, sau cos θ, inda θ ita ce kusurwar da ke tsakanin tsanin da daɓe. Turin bango yana hana shi da hannun L sin θ, gugan bango da hannun L cos θ.

```
N2 = μ1·N1
N1 + μ2·N2 = W
W·(L/2)·cos θ = N2·L·sin θ + μ2·N2·L·cos θ
tan θ = (1 − μ1·μ2) / (2·μ1)
```

Tsawo ya fita, nauyi ma ya fita. Tsanin da ba kowa a kansa, babba ne ko ƙarami, kusurwa ɗaya yake zamewa.

Lambobin kaushin sai da na auna su. Na ɗora guntun katako a kan wani ɓallin siminti, ina ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya fara zamewa, wajen digiri 27. Tan ɗin wannan kusurwa shi ne μ, wato kusan 0,5. A kan ɓallin yaɓe ya zame wajen digiri 22, kusan 0,4. Da na watsa ɗan rairayi a kan simintin, irin wanda iskar jiya ta shimfiɗa mana a tsakar gida, sai ya zame tun digiri 17, kusan 0,3. Awon tsakar gida ne, amma ya isa a ga inda maganar ta dosa.

A kan daɓe sharare lissafi ya ba ni tan θ = 0,8, kusan digiri 39. Na ce wa ƙanena ya zo mu gwada. Muka share wurin, muka riƙa jan ƙafar tsanin baya kaɗan-kaɗan, ba kowa a kai, ya tsaya har sai da ya wuce mita 3 daga bango sannan ya tafi. Lissafi mita 3,1 ya ce. Ya dube ni ya ce, "To ka gani, Yaya, ni a mita 2 na sa shi."

Nan ne kuwa kuskuren yake, kuma na ga har ɗalibai suna faɗawa cikinsa. Digiri 39 na tsani ne shi kaɗai. Da zarar mutum ya hau, tsakiyar nauyi ta bar tsakiyar tsani, tana bin sa sama. In d shi ne kason tsawon da tsakiyar nauyin ta kai, lissafin nan dai ya koma haka:

```
tan θ = d·(1 + μ1·μ2)/μ1 − μ2
```

Tsanin ya yi kilo 15, ƙanena kilo 70. In ya kai kashi tara cikin goma na tsawon, d ya zama 0,83, kusurwar da ake bukata ta tashi zuwa digiri 58 a kan daɓe sharare. Shi kuwa a digiri 60 ya kafa shi, ke nan ko da an share wurin, da ƙyar da jiɓin goshi zai tsira. Da rairayi a ƙasa ana bukatar kusan digiri 70. Na juya lissafin don in ga inda tsani mai digiri 60 zai saki a kan rairayi, sai ya nuna kusan kashi shida cikin goma na tsawon. Daidai matakalar da ƙafarsa take lokacin da na ji ƙarar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bangon da ya dogara da shi. Na mai da μ2 sifiri, kamar bangon santsi ne sumul, don in ga me kaushin ya ƙara. Ga tsani shi kaɗai ya rage kusurwar daga digiri 45 zuwa 39. Amma da mutum a sama, daga 59 zuwa 58 ne kawai. Digiri ɗaya. Rairayin da ba a share ba kuwa ya ci digiri goma sha biyu. Dalilin a fili yake: gugan bango ba ya wuce μ2N2, shi N2 kuma gugan daɓe ne ke ba shi iyaka. Bango ba ya riƙe fiye da abin da ƙasa ta ba shi dama.

Da la'asar muka share daɓen tas, muka kafa ƙafar tsanin mita 1 daga bango. Ƙa'idar masu aikin tsani ke nan, ɗaya a ƙasa huɗu a sama, kusan digiri 75. Ƙanena ya so ya ƙara matso da shi, na hana, domin in ya miƙe da yawa wani haɗarin ne, mutum na ɗan jingina baya sai tsanin ya biyo shi. Na taka matakalar ƙasa na riƙe, ya hau. Baba yana kan tabarma yana kallo, ya ce, "Malam, ai magina tun da can da ƙafa suke tokare shi." Na ce haka ne, Baba, nauyina da ke ƙasan nan yana ƙara N1, yana kuma jawo tsakiyar nauyi ƙasa.

An fidda ciyayi da tsohuwar sheƙar tsuntsu daga indararo biyu. Na uku ya tsage, sai an nemo wani a kasuwa gobe. Takardar lissafin na sa ta cikin jaka, Litinin zan ba ƴan aji lambobin nan su nemo mini matakalar da tsanin ya saki.