Yadda ma'aikatan bogi tara suka kuɓuce min har sai da aka biya su albashin wani watan

Har yau in na tuna da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da goma ɗin nan raina yana ɓaci. Kuɗin jama'a ne, kuma da na yi aikina yadda ya kamata tun makon farko da ba su fita ba.

An tura ni binciken albashi a wata ma'aikatar gwamnati a nan Legas. Kullum da asuba nake barin Agege don in riga cunkoso, in isa ofis kafin ƙarfe takwas. Ranar farko na nemi abu biyu: jerin sunayen ma'aikata na sashen mulki, da takardar biyan albashi ta watan da ya wuce. Jami'in sashen albashi ya ce kada in wahalar da kaina da hawa bene, duka biyun suna cikin kwamfutarsa. Ya zuba min su a filash, na yi godiya. Kuskurena ke nan, kuma sai bayan mako uku na gane.

Na haɗa jerin biyu da lambar ma'aikaci. Suna 1,186 a nan, 1,186 a can, babu ko ɗaya da ya kauce. Na zaɓi mutum 60, na sa aka ɗauko min fayilolinsu daga rajista. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, mataki da aji duk sun yi daidai da abin da ake biya. Na zagaya ofisoshi na ga yawancinsu ido da ido, sauran kuma shugabannin sassansu suka sa hannu cewa suna hutu ko suna aikin waje. Na rubuta daftarin rahoto cewa ban ga matsala ba.

Na kai wa ogana, wani dattijo Bakano da ya fi shekara talatin yana wannan aikin. Bayan sallar Juma'a muka zauna a motarsa, ya karanta shafin farko kawai ya ajiye.

"Malam, wa ya ba ka jerin ma'aikatan?"

"Ranka ya daɗe, sashen albashi."

"Takardar albashin fa?"

Na yi shiru, domin na riga na ga inda ya dosa. Ya ce, "To ka gwada maganar mutum ɗaya da maganar kansa, ka ce ta yi daidai. Kuɗin ina suka sauka? Ka tambayi banki?"

Ban tambaya ba. Na ga jadawalin da sashen albashi ya ce ya aika wa banki, na ga jimillarsa ta yi daidai da abin da ya fita daga asusun ma'aikatar, na gamsu. Amma jimilla ba ta gaya maka wanda ya karɓa. Idan aka bar sunan mutum da adadin albashinsa, aka canza lambar asusunsa kawai, jimillar ba za ta motsa ko da kwabo ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na san wannan. Kowa a cikin sana'armu ya san cewa a watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, zamanin Kemi Adeosun, ta sanar da cire sunaye 23,846 daga albashi, kuma lambar BVN ce ta tona su, ba fayil ba. Wato daga ɓangaren banki aka kamo su. Ni kuwa na faro daga takarda na nufi kuɗi, alhali daga kuɗi ya kamata in faro in nufi mutum. In ka fara da jerin ma'aikata, abin da za ka gano shi ne ko an biya kowa. In ka fara da abin da banki ya biya, a nan ne za ka gano ko duk wanda aka biya yana nan.

Ranar Litinin na rubuta wasiƙa, babban sakatare ya sa hannu, muka nemi banki ya turo rahoton biya na wata shida kai tsaye zuwa imel ɗin ofishinmu, ba ta hannun kowa a ma'aikatar ba. Na nemi kowane layi ya zo da abu huɗu: lambar asusu, sunan mai asusun kamar yadda yake a wurin banki, adadin kuɗi, da ko kuɗin sun shiga ko sun dawo. Sunan mai asusun nan shi ne zuciyar aikin, kuma dole ka faɗa a wasiƙar ƙarara, in ba haka ba sai a dawo maka da sunan da ma'aikatar ta rubuta a jadawalinta. Sannan na hau benen da aka ce kada in hau, na zauna a sashen mulki suka fitar min da nasu jerin a gabana, tare da rajistar waɗanda suka yi ritaya, suka ajiye aiki ko suka rasu.

Kwana tara banki ya ɗauka. A cikin kwanakin nan albashin watan ya fita.

Da rahoton ya zo, gwajin farko ya nuna min layi sama da ɗari huɗu da ba su dace ba, har gabana ya faɗi. Ashe Excel ne ya cinye sifirin farko. Lambar asusun banki ta NUBAN lambobi goma ce cif, da yawa kuma da sifiri suke farawa, to in fayil ya buɗe a matsayin lissafi sai ta koma tara ko takwas. Kafin ka haɗa komai, mayar da lambobin da ke ginshiƙin C rubutu a ginshiƙin D, sannan ka ƙirga maimaici a ginshiƙi na gaba:

```
=TEXT(C2,"0000000000")
=COUNTIF(D:D,D2)
```

Bayan gyaran, sai na jera sunan da ke takardar albashi gefen sunan da ke banki, na bi su da ido layi-layi. Yini biyu na yi a kai, kuma ban yi nadama ba, domin na'ura ba ta san cewa Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne ba, ko cewa wani ya sa sunan mahaifinsa a gaba a banki amma a ofis yana baya. Da na tace irin waɗannan, layi 14 suka rage inda sunayen biyu ba su da wata alaƙa.

A nan ma na kusa yin wani kuskuren, don zuciyata ta riga ta yi zafi, ina so in rubuta a tsayar da albashin dukansu. Ogana ya hana. Ya ce in ga kowa tukuna. Huɗu mata ne da suka yi aure suka canza suna a banki, ba su kai takardar rantsuwa ofis ba. Na biyar wani dattijo ne maigadi, mutumin arewa, da na iske a bakin ƙofar baya yana alwala. Na gaishe shi na ce, "Baba, asusun da albashinka ke shiga ba sunanka ba ne." Ya ce na ɗansa ne, nasa ya samu matsala tun lokacin da aka ce a haɗa da BVN, ranar haihuwarsa ba ta zo ɗaya ba, shi kuma ya gaji da zirga-zirga. Ka'ida ba ta yarda da haka ba, na rubuta a gyara, amma mutum ne mai rai da ke kwana a bakin aikinsa. Da na bi zafin zuciyata da na hana shi abincin wata.

Saura tara. Biyar daga ciki suna shiga asusu biyu ne kacal, uku a ɗaya, biyu a ɗaya. Sauran huɗun kowanne da nasa asusun, shi ya sa ƙirgen maimaici bai gan su ba, sunan ne ya tona su. Da na ɗora su kan rajistar sashen mulki sai komai ya fito fili: huɗu sun yi ritaya, biyu sun rasu, uku sun ajiye aiki. Babu wanda aka ƙirƙiro daga iska. Dukansu mutane ne da suka taɓa aiki a wurin, da lambar ma'aikaci ta gaske da fayil na gaske. Sashen mulki ya cire su daga jerinsa, amma jerin da ke kwamfutar sashen albashi, wanda aka zuba min a filash, bai cire su ba. Tsofaffin jadawalai kuma suka nuna cewa an canza lambar asusun kowannensu wata ɗaya ko biyu bayan tafiyarsa, babu fom ɗin neman canjin, babu sa hannun kowa. Mafi daɗewa a cikinsu wata 19 ana biyansa.

Ɗaya daga cikin masu ritayar ma ranar haihuwarsa a takardar albashi ta nuna ya wuce shekara 60. Da na tace jerin da shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki, abin da bai fi minti biyar ba, da na kama shi a ranar farko.

Daga baya na zauna na lissafa abin da zaɓen mutum 60 ɗin nan ya amfana min. In bogi tara ne a cikin 1,186, damar ka ɗebi 60 ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba ta kai kusan kashi 63 cikin ɗari. Wato ko da komai nawa daidai ne, kusan sau biyu cikin uku zan fito in ce lafiya lau. Ko da hannuna ya faɗa kan ɗayansu, ba lalle fayil ɗin ya nuna komai ba, in an zare takardar barin aikin. Ɗiban samfuri yana da amfani wajen duba lissafin alawus da cire haraji. Wajen neman bogi kuwa, tunda bayanan suna cikin kwamfuta, layi duka ake bi.

Wannan gwajin ma yana da iyaka, kada wani ya ɗauka ya gama da shi. Idan an sa sunan ɗan'uwan wani a albashi, da asusunsa na kansa da BVN ɗinsa, sunan banki da na takarda za su zo ɗaya. Irin wannan sai ka bi ta wata hanya: ka nemi takardar amincewa da ɗaukarsa daga hukumar da ke ɗaukar ma'aikata, ka duba ko yana da lambar asusun fansho da kuɗi ke shiga, ka tambayi shugaban sashensa wane tebur yake zama, kuma ka je ba tare da sanarwa ba. Tantancewar da aka liƙa sanarwarta mako biyu kafin ranar, wanda bai taɓa taka ofis ba ma zai zo ya shiga layi da katinsa. Haka nan in ka ga mutane da yawa a asusu ɗaya, ka fara tambayar ko na ƙaramin bankin al'umma ne da ke karɓa ya rarraba wa masu ajiya, kafin ka ɗaga murya.

Na rubuta rahotona da lambar kowane layi, da watan da aka canza asusu, da jimillar abin da ya fita. Ban rubuta sunan wanda nake zargi ba, domin abin da takardu suka nuna shi ne an canza, ba su nuna hannun da ya canza ba. Na ba da shawarar a ciro tarihin shiga manhajar albashi a ga wane mai amfani ne ya yi, kuma daga yanzu wanda ke shirya albashi kada ya zama shi ke da ikon taɓa lambar asusu. An tsayar da taran a watan da ya biyo.

A cikin jimillar akwai layi ɗaya da na ware shi daban, na watan da ya fita ina zaune a ofishin da filash a aljihuna: naira 1,310,000. Ogana ya tambaye ni me ya sa na ware shi. Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan da ni aka yi asararsa, ina so ya fito a rubuce.