Laraba: wanda ya fi kusa ba shi ne na farko ba

Mangariba ta kusa matar mai kula da babban injin narkar da roba ta kira ni, ta ce maigida ba zai iya fitowa aikin dare ba, tun la'asar yake rawar ɗari, suna hanyar asibiti. Damina ce, zazzaɓin cizon sauro bai bar kowa ba a Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna. Na yi masa sannu, na ce ta tuna ta karɓo takardar likita, domin Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci har kwana 12 na jinya da albashi a shekara, amma sai likita ya shaida.

Mu kashi uku muke aiki: 6 na safe zuwa 2, sai 2 zuwa 10 na dare, sai 10 zuwa 6 na safe. Wato ƙasa da awa huɗu ya rage mini in samo wanda zai tsaya a kan injin da in ya huce sai an daɗe ana ɗumama shi, a kuma yi asarar robar da ta daskare a ciki.

Kafin in ajiye waya, yaron da ke aikin yamma ya iso. "Oga, ka bar mini kawai, zan zarce har safe." Kuɗin obataya yake hange, ban kuma ga laifinsa ba, ga tsadar masara. Sai dai daga 2 na rana zuwa 6 na safe awa 16 ke nan a gaban ƙarfe mai zafi, mu kuwa a rubuce yake kada mutum ya wuce awa 12 a jere, kuma tsakanin tashi da dawowa sai an sami aƙalla awa 11. Wannan ƙa'idar masana'antarmu ce. Abin da sashe na 13 na dokar ƙasa ya ce shi ne hutun awa ɗaya a jimlace ga wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, da kuma cikakkiyar awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Na ce masa ya dakata tukuna, na ɗauko jadawali.

Ni ba na fara jera sunaye sai na soke waɗanda ba su cancanta ba. Wanda ke jiran ko-ta-kwana a daren yau mai ɗaure kaya ne, bai taɓa sarrafa wannan injin ba, saboda haka shi ne na fara sokewa duk da cewa don irin wannan ranar aka ajiye shi. Suka rage mutum huɗu. Gaban kowanne na rubuta abu biyu: ƙarfe nawa ya tashi aiki na ƙarshe, ƙarfe nawa kuma ake jiransa a gaba. Na biyun ne mutane ke mantawa. Sai a toshe ramin yau, gobe da rana a tarar an haƙa wani.

Na ɗaya a jerina mutumin Tudun Wada ne. Ya tashi jiya Talata ƙarfe 2 na rana, yau hutunsa ne, kafin 10 na dare ya sami awa 32, ya cika ta doka har da ragowa. Matsalarsa tana gaba: gobe ƙarfe 2 ake jiransa a ɗaya injin, in kuwa ya kwana aiki ya tashi 6 na safe, ba zai dawo ba sai 5 na yamma. Kenan sai na roƙi mai aikin safe na can ya ƙara awa uku. Wannan mai sauƙi ne, rana ce, kowa idonsa biyu, shi ya sa ya zauna a sama. Na kira bai ɗauka ba, na tura saƙo, na ba shi minti goma. Ba na wuce haka, domin duk mintin da na ɓata ina jiran mutum ɗaya daga barcin na gaba nake cire shi. Ya kira da kansa, ashe yana Zariya wajen suna. Ban ko tambaye shi ba, ba zan ɗora mutum kan hanya da daddare sannan in tsayar da shi gaban inji har asuba ba.

Na biyu ba mutum ɗaya ba ne, raba daren ne gida biyu. Mai aikin yamma ya zarce zuwa 2 na dare, awa 12 cif, ya je ya kwanta ya dawo 2 na rana, hutun awa 12. Mai aikin safe kuma, wani dattijo da ke zaune a Rigasa, maimakon 6 ya shigo 2 na dare ya tashi 2 na rana kamar kullum. Shi da ya tashi 2 na ranar yau, da a ce 10 na kira shi, awa takwas kawai ya samu, ya faɗi. Amma 2 na dare ta ba shi 12. A takarda komai ya hau. A zahiri awannin nan har da hanya da cin abinci da sallah a ciki, don haka ba tsarin da nake so in maimaita kwana biyu a jere ba ne, kuma ba ya tsayawa sai duk su biyun sun yarda. Na yaron na riga na sani, sai na fara da dattijon.

"Baba, barka da yamma, wata alfarma ce."

"To Allah ya sa ta alheri ce."

Na yi masa bayani. Tambayarsa ɗaya ce: wa zai kawo shi? Gaskiyarsa ne, ƙarfe ɗaya na dare babu Keke Napep daga Rigasa, ko da akwai ma ba zan ce ya hau ba. Na nemi direban motar ma'aikata, ya amince zai ɗauko Baba sannan ya sauke yaron a gida. Da babu mota, da wannan matakin ma na soke shi. Na ce wa Baba ya kwanta da an idar da isha'i, ya kashe waya in ya so, direba zai buga ƙofa.

Akwai na uku da ban kira ba, shi ne kuwa manaja ya fara ambata da na sanar da shi. Mutumin Kawo, wanda ya sauka daga aikin dare yau 6 na safe. Manaja ya ƙirga ya ce ai kafin 10 ya sami awa 16, ya wuce 11 ɗin. Na ce ranka ya daɗe, yau ce ranar hutunsa ta mako, awa 24 ɗinsa ba ta cika ba sai 6 na safiyar gobe. Doka ta bar ƙofa, in an rage hutun mako a rama wa mutum cikin kwana 14 ko a biya shi a farashin obataya, amma mutumin da ya jera darare yana aiki shi ne mafi kusa da gyangyaɗi, shi ya sa na sa shi a ƙasa. Bayansa babu sauran suna, sai kashe inji.

Na rubuta komai a littafin aiki: wa aka kira, ƙarfe nawa, me ya ce, me ya sa aka tsallake wane. In an zo rabon obataya ƙarshen wata ana cewa Oga na da 'yan lele, shi zan buɗe. Na kuma shaida wa shugaban dare ya saki yaron ya ƙara ɗan hutawa wajen sha biyu, ya riƙe masa injin.

Zazzaɓi ba ya sakin mutum a kwana ɗaya, don haka na tura wa na Kawo saƙo, ban kira ba kada in tashe shi: gobe Alhamis 10 na dare, in zai iya. Hutunsa ya cika kafin nan, kuma ba a jiransa sai daren Juma'a. Ya amsa da "To, Allah ya kai mu."