Na taɓa rubuta wa Hajiya imel biyu, ɗaya ya yi kaifi ɗaya kuma bai ce komai ba

Ƙannena da kuka fara aikin biro kwanan nan, wannan maganar da ku nake, saboda abin da ya same ni ba na so ya same ku. Aikin lissafin kuɗi nake yi a wani kamfani a nan Garwa, kuma a shekarata ta farko akwai wata Hajiya a gabana wadda ta girme ni a shekaru da kuma aiki, ita ke haɗa takardun kashe kuɗi ni kuma in duba kafin su wuce Yawunde. Da Faransanci muke rubutu a biro kamar kowa, amma zan kawo muku saƙonnin da Hausa don ku ji nauyin kalmomin a kunnenku.

Na farkon a watan Maris ne, zafin Garwa ya kai inda ya kai, wuta ta ɗauke tun safe ta dawo da la'asar, ina sauri in gama. Sai na ga an saka kuɗin motar da ta je Marwa sau biyu, sefa 180,000 a layi na 14 da kuma layi na 22. Ban tsaya tunani ba na rubuta mata: "Kin yi kuskure, kin saka kuɗin mota sau biyu. Ki gyara ki turo min yau." Ko sallama babu, kuma abin da ya ƙara ɓata lamarin, "Répondre à tous" na danna, wato amsa ga kowa, ashe direkta yana cikin Cc, jerin waɗanda ake tura wa kwafi, tun saƙon da Hajiya ta turo min. Hajiya ta gyara kam, cikin minti goma ma, amma sati uku in na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta juya kan kwamfutarta. Wallahi abin ya dame ni sosai don mutuniyar kirki ce, ita ta koya min rabin aikin da na iya. Da na zauna na sake karanta saƙon sai na ga lissafina daidai ne amma duk jimlolin a kanta suka sauka, kin yi, kin saka, ki gyara, kamar ni ne shef ita ce ƴar koyo, gashi kuma a gaban maigidanmu.

To daga nan sai tsoro ya kama ni, kuma kuskure na biyu wanda ya fi na farkon tsada daga tsoron nan ya fito. Wajen wata huɗu bayan haka aka kawo takardar sayen kujeru da tebura na sefa 2,000,000, mai kayan ya rubuta farashinsa ba tare da haraji ba, Hajiya kuma ta ɗauki adadin yadda yake ta saka a takardar neman kuɗi. Ku da kuke wannan aikin kun san TVA, harajin da ake ƙarawa a kan farashin kaya, a Kamaru 19.25 cikin ɗari ne, wato akwai sefa 385,000 da babu su a takardar, abin da za a biya a zahiri 2,385,000 ne. Na gani ƙarara, babu wata shakka a raina. Amma ga abin da na rubuta: "Hajiya barka da warhaka, da fatan kuna lafiya ya gida ya yara. Dama na ɗan duba takardar nan ne sai na ga kamar wataƙila akwai ɗan abin da za a iya sake dubawa ta wajen farashin, amma mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba, in kun samu lokaci ba gaggawa." Ta amsa min da "na gode ɗana, zan duba", ta duba farashin ta ga ya yi daidai da takardar mai kaya, ta tura Yawunde. Aka saki 2,000,000, mai kaya ya zo karɓar kuɗinsa aka ga ba su cika ba, sai da aka sake neman izinin cikon, mutumin ya yi ta zarya kusan sati biyu, kuma a taron safiyar Litinin Hajiya ce ta sha tambayoyi. Bayan taron ta kira ni, ba faɗa ta yi ba, cewa kawai ta yi, tunda ka gani me ya hana ka ce min haraji ne? Ban samu amsar da zan ba ta ba. Ni a ganina ladabi na yi, amma abin da ya faru shi ne na kare kaina daga fushinta na bar ta ta ji kunya a gaban mutane.

Ku sake kallon saƙon nan na biyu da kyau. Babu kalmar haraji a ciki, babu lambar layi, babu adadi, kuma na ce ba gaggawa alhali washegari takardar za ta tafi, wannan ma ai ƙarya ce na yi da sunan ladabi. Sannan ku ƙirga kalmomin ja da baya a jimla ɗaya: ɗan, kamar, wataƙila, ɗan abin, za a iya, mai yiwuwa. Guda shida. Mu Hausawa an tashe mu da kunya da kara, ba ka kallon babba ka ce masa ba haka ba ne, kuma ni ban ce ku yar da wannan tarbiyyar ba, amma a gida in ka kewaya magana babba yana ganin fuskarka yana jin muryarka sai ya gane akwai wani abu ya tambaye ka. A imel babu fuska babu murya, abin da ka rubuta shi kaɗai ne a gabanta, kuma tana da saƙo talatin da ke jira.

Abin da na gane daga baya shi ne saƙo irin wannan kashi biyu ne a haɗe, akwai ɓangaren mutum akwai ɓangaren aiki, kuma ɓangaren mutum kaɗai ake tausasawa. Gaisuwa, yadda ka kira ta, wanda ka ɗora wa laifi a jimla, yadda ka nemi gyara, wanda ka saka a Cc, duk nan wurin laushi ne. Amma mene ne matsalar, a wane layi take, nawa ne, me kake so a yi, zuwa yaushe, waɗannan ba a taɓa su. Da yau ne ga yadda zan rubuta mata, a wurin "Objet", wato taken saƙo, in saka "Takardar kujeru: babu TVA a layi na 6", sannan:

"Salamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ina duba takardar kujeru sai na ga adadin da ke layi na 6, sefa 2,000,000, farashi ne ba tare da haraji ba. Idan aka ƙara TVA na 19.25 cikin ɗari zai zama 2,385,000, wato akwai giɓin 385,000. Na haɗo takardar mai kayan, na ja layi a wurin. Sai dai in akwai takardar yafe haraji da ban gani ba. Tunda gobe da ƙarfe 10 za ta tafi Yawunde, ko za ku iya dubawa yau kafin a tashi? In kun amince ni sai in gyara in turo muku ku sa hannu. Na gode."

Ku lura babu inda na ce kin manta ko kun manta. Adadin da ke layi na 6 shi ne a gaban jimlar, takarda ce ke da matsala, kuma gaskiyar kenan ai, ni ba halinta aka ce in duba ba takarda aka ba ni. Na kira ta da ku maimakon ke, kamar yadda za ku yi da duk wani babba. Umarnin nan na ki gyara yau ya koma tambaya, ko za ku iya dubawa, amma lokacin yana nan daram tare da dalilinsa, don in ka ce wa babba yau ba tare da dalili ba zai ji kamar kana aikensa, in kuwa ka ce gobe da ƙarfe 10 takarda za ta tafi to agogo ne ke matsa muku ku biyun.

Jimlar nan ta "sai dai in akwai takardar yafe haraji" ita na fi so ku riƙe. Ja da baya ne, amma sau ɗaya tak, kuma a kan wani takamaiman abu da zai iya kasancewa da gaske, don akwai lokutan da ake samun irin wannan takardar kuma babba ya san abin da kai ba ka sani ba. Ta bambanta da "mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba", wanda ke rushe duk abin da ka faɗa kafin ma a karanta. In ka tabbata da lissafinka kar ka yi ƙaryar shakka, ka nemi inda shakkar take da gaske ka ajiye ta a nan, in babu kuma ka bar ta.

Kafin in tura irin wannan saƙon yanzu karatu biyu nake masa. Na farko in rufe gaisuwa da godiya da hannu in karanta tsakiyar kaɗai, in tambayi kaina, wanda bai san zancen ba zai iya faɗin layi da adadi da lokaci? In ba zai iya ba to na narkar da maganar. Na biyu in karanta shi da murya ƙasa-ƙasa kamar ina tsaye a gaban teburinta, duk jimlar da bakina ya ƙi faɗa a gaban Hajiya ita ce mai kaifin, yawanci kuma za ku ga da kin ko kun ta fara. Sai in duba Cc, a saƙon farko ita kaɗai nake tura wa.

Amma fa imel ba ya ɗaukar komai. In kuskuren babba ne ko kuma kun taɓa samun saɓani da mutumin, tashi ku je teburinsa tukuna, ku gaisa ku nuna masa a takarda, sannan ku dawo ku rubuta layi uku, "kamar yadda muka yi magana ɗazu", da adadin da lokacin, don aiki yana son shaida a rubuce. In kuma kun tura saƙo a fili da ladabi aka yi shiru har lokaci ya matso, ku sake tuntuɓa sau ɗaya, ku faɗa masa a cikin saƙon cewa ba za ku iya sa hannu a takardar yadda take ba kuma dole ku sanar da direkta kafin ta tafi, kar ya ji labari a bakin wani. Sau ɗaya na taɓa kaiwa nan da wani babba, ba Hajiya ba, hannuna har rawa yake lokacin da nake rubutawa, ya kira ni ta waya bayan minti ashirin muka gyara takardar tare kafin direkta ya dawo daga masallaci.